Me Ya Sa Duk Lambar da Ba Sifili Ba, Idan Ƙarfinta Sifili Ne, Amsarta Ɗaya?

A babin lissafin da malamai suke kira indisis, wanda yaranmu na Aboabo da Asawase da Sabon Zango suke fara cin karo da shi kafin jarrabawar BECE, kuma yake bin su har zuwa WASSCE, akwai wani layi guda da ake rubutawa a allo a ce su kwafa: a⁰ = 1, matuƙar a ba sifili ba ce. Yawancin ɗalibai suna haddace shi kamar yadda aka ba su, amma zuciyarsu ba ta kwanta da shi ba, domin sun saba da cewa duk inda sifili ya shiga lissafin sau, sifili ne yake fitowa. Shi ya sa idan aka matsa wa yaro da tambaya cikin hanzari, a ce masa nawa ne 5⁰, sai ka ji ya ce sifili, wani kuma ya ce biyar. Amsoshin biyu duka kuskure ne, amma ba kuskuren sakarci ba ne, kowanne yana da tunanin da ya haife shi, kuma ba za a raba ɗalibi da shi ba sai an nuna masa daidai wurin da tunanin ya kauce.

Kafin a je ko'ina, ya kamata a daidaita sunayen abubuwa. Idan aka rubuta 5³, babbar lambar da ke ƙasa, wato 5, ita ce tushe, ƙaramar da aka ɗora a kafaɗarta, wato 3, ita ce ƙarfi. Ma'anar rubutun ita ce a jera biyar guda uku, a sa alamar sau a tsakaninsu: 5 × 5 × 5, wanda ya ba da 125. Ƙarfin ba ya shiga cikin ninkawar da kansa, aikinsa ƙirga ne kawai, yana faɗin tushe nawa za a jera. Wanda ya riƙe wannan ba zai ce 5³ sha biyar ne ba, domin sha biyar amsar 5 × 3 ce, kuma wannan wani lissafi ne dabam. To, wannan ruɗanin ne yake dawowa da wata fuska idan ƙarfi ya zama sifili: mai cewa 5⁰ sifili ne, a zahiri 5 × 0 ya lissafa, ya mai da mai ƙirga ya zama abin ninkawa.

Sai dai cire wannan kuskuren bai isa ya ba mu amsa ba, kuma gaskiya ita ce ma'anar da muka fara da ita ta yi shiru a nan. An ce a jera biyar guda uku, mun gane. A jera guda biyu, mun gane. Guda ɗaya ma mun gane, biyar ce ita kaɗai a tsaye. Amma a jera biyar guda sifili, wato kada a jera ko ɗaya, sannan a ninka su, wannan umarni ne da ba a san ta inda za a kama shi ba. Saboda haka tambayar da masana lissafi suka yi wa kansu ba ita ce "me zai fito idan aka ninka babu da babu?" ba. Tambayar ita ce: wace ƙima za mu ba wa 5⁰ ta yadda dokokin da suke aiki a kan sauran ƙarfi za su ci gaba da aiki ba tare da sun karye ba? Abin da zai bayyana shi ne ƙima ɗaya tak ce ta cika wannan sharaɗi, kuma babu zaɓi a cikinta.

Hanya mafi sauƙin gani ita ce a sauko daga sama mataki-mataki. 5⁴ shi ne 625, 5³ shi ne 125, 5² shi ne 25, 5¹ kuma 5. Idan aka duba abin da yake faruwa tsakanin kowane mataki da na ƙasansa, za a ga ba ragewa ake yi ba, rabawa ake yi: 625 a raba da biyar, 125, wannan a raba da biyar, 25, wannan ma a raba da biyar, 5. Duk lokacin da ƙarfi ya ragu da ɗaya, ana raba amsar da biyar, domin an cire biyar guda daga cikin jerin. Daga 5¹ mataki na gaba shi ne 5⁰, kuma abin da aka yi ta yi a baya shi za a sake yi: 5 a raba da 5, ya zama 1. Ba a ƙirƙiro sabuwar dabara don sifili ba, an ci gaba ne kawai da tafiyar da aka faro. Idan aka canza tushe zuwa bakwai, za a sauko 343, 49, 7, sannan 7 a raba da 7, ɗaya. Ko tushen miliyan ne, matakin ƙarshe shi ne a raba shi da kansa, kuma duk lambar da ba sifili ba, idan aka raba ta da kanta, ɗaya take bayarwa. Wannan ne dalilin da ya sa amsar ba ta damu da girman tushe ba.

Kuɗin da ke aljihunmu ma a kan wannan tsani aka gina su, da tushe goma. Takardar sidi 100 ita ce 10², ta sidi 10 ita ce 10¹, kuma abin da ke ƙasan sidi goma a wannan jeri kowa ya san sidi ɗaya ne, ba wai babu kuɗi ba. Wannan sidi ɗayan shi ne 10⁰. Abin lura kuma shi ne tsanin bai ƙare a nan ba, domin ƙasan sidi ɗaya akwai fesuwa goma, wato kashi ɗaya cikin goma na sidi, wanda ake rubutawa 10⁻¹, ƙasansa kuma akwai fesuwa ɗaya, kashi ɗaya cikin ɗari, wato 10⁻². Ƙarfin sifili ba ƙarshen hanya ba ne, tsakiyarta ne: a samansa lambobi suna girma, a ƙasansa suna ƙanƙancewa, kuma komai nisan saukowar da aka yi ba za a taɓa isa sifili ba, tunda rabawa da goma ba ta ƙarar da abu gaba ɗaya. Da a ce 10⁰ sifili ne, da tsanin ya yanke a tsakiya, an sauko daga goma zuwa babu, sannan kwatsam an sake hawa zuwa fesuwa goma, abin da ba ya bin wata doka.

Mai kaifin tunani zai iya cewa wannan bin sawu ne kawai, an ga tsari yana maimaita kansa sai aka ɗauka zai ci gaba, kuma a lissafi ganin tsari ba hujja ba ce. Wannan ƙorafi yana da ƙarfi, don haka sai a koma ga dokar da ta haifi tsarin. Idan aka ninka 5² da 5³, an haɗa biyar guda biyu da biyar guda uku a jeri ɗaya, sun zama guda biyar, wato 5⁵. Ke nan idan tushe ɗaya ne, ninkawa tana zama tara ƙarfi. Idan kuma aka raba 5⁵ da 5³, biyar guda uku na ƙasa suna soke guda uku na sama, biyu su rage, wato 5², ke nan rabawa tana zama ɗebe ƙarfi. Waɗannan dokoki biyu ba sa buƙatar a yarda da su a makance, kowa zai iya jera lambobin ya ƙirga da idonsa.

Yanzu a ɗauki 5³ a raba da 5³, a yi lissafin ta hanyoyi biyu. Ta hanyar lambobi tsura, 125 ne aka raba da 125, amsa ɗaya, kuma babu mai musun wannan. Ta hanyar dokar ɗebe ƙarfi, uku ne aka ɗebe daga uku, ya rage sifili, amsa 5⁰. Tambaya ɗaya ce aka amsa sau biyu, kuma lissafi ba ya yarda tambaya ɗaya ta sami amsa biyu masu saɓani, saboda haka ko dai 5⁰ ya zama ɗaya, ko kuma a ce dokar ɗebe ƙarfi tana aiki a ko'ina ban da inda ƙarfin sama da na ƙasa suka zo daidai. A nan ne ɗalibai da yawa suke yin wani tuntuɓe da ya cancanci a tsaya a kansa. Suna soke biyar na sama da biyar na ƙasa ɗaya bayan ɗaya, su ga takarda ta zama babu komai, sai su rubuta sifili. Amma sokewar da ake yi a rabawa ba shafewa ba ce, kowace sokewa tana nufin 5 a raba da 5, kuma tana barin ɗaya a wurin, ko da ba a rubuta shi ba. Abin da ya rage a takardar shi ne 1 × 1 × 1. Malamin da ya saba wa yara rubuta ƙaramin 1 a gefen duk lambar da suka soke ya rage wa kansa rabin wahalar wannan babi.

Mutanen Ghana sun taɓa yin wannan lissafin da hannunsu, ƙasa baki ɗaya, ko da ba su kira shi da wannan suna ba. A watan Yuli na shekarar 2007 aka sauya kuɗi, tsohon sidi 10,000 ya koma sabon sidi ɗaya. Dubu goma shi ne 10⁴, don haka mai da tsohon kuɗi zuwa sabo yana nufin rabawa da 10⁴, wato ɗebe huɗu daga ƙarfi. Tsohon miliyan ɗaya 10⁶ ne. A ɗebe huɗu daga shida, saura biyu, 10², sidi ɗari, kuma har yau a kasuwar Kejetia za ka ji dattijuwa ta kira sidi ɗari da sunan miliyan ɗaya. Tsohon dubu ɗari 10⁵ ne. A ɗebe huɗu, saura ɗaya, 10¹, sidi goma. To, tsohuwar takardar dubu goma fa? Ita 10⁴ ce, a ɗebe huɗu daga huɗu, saura sifili, 10⁰. Wanda ya kai wannan takarda banki a lokacin, sabon sidi ɗaya aka miƙo masa, ba a sallame shi hannu rabbana ba. Tsohon dubu ɗaya kuwa, 10³, ya koma 10⁻¹, fesuwa goma, daidai yadda tsanin ya nuna.

Akwai gwaji mafi gajarta da za a iya yi wa amsoshin biyu na kuskure, ta hanyar dokar tara ƙarfi. A ninka 5³ da 5⁰. Dokar ta ce a tara uku da sifili, kuma uku da sifili uku ne, don haka amsar dole ta kasance 5³, wato 125. Idan 5⁰ sifili ne, 125 × 0 zai ba da sifili, bai dace ba. Idan 5⁰ biyar ne, 125 × 5 zai ba da 625, shi ma bai dace ba. Ana neman lambar da za a ninka 125 da ita ya tsaya a 125, kuma babu wata lamba da take yin haka sai ɗaya. Amsar "biyar" tana da wani aibin kuma: biyar ita ce 5¹, kuma ba zai yiwu 5⁰ da 5¹ su zama abu ɗaya ba, alhali kowane mataki yana ninka na ƙasansa sau biyar. Mai wannan amsa ya yi tunanin cewa ƙarfin sifili yana nufin ba a taɓa biyar ɗin ba, sai ta zauna yadda take. Tunaninsa na cewa ba a yi komai ba daidai ne, inda ya kuskure shi ne abin da ya ɗauka ana farawa da shi.

Wannan batu na mafari shi ne, a ganina, zuciyar al'amarin, kuma shi ne abin da aka fi tsallakewa a aji. Kowane irin lissafi yana da lambar da ba ta canza komai. A tarawa sifili ce: ka tara ta da kowace lamba, lambar tana nan yadda take, shi ya sa mai ƙirga cinikin yini yake farawa daga sifili, kuma ranar da bai sayar da komai ba jimillarsa sifili ce. A ninkawa kuwa sifili ba ta barin abu yadda yake, hallaka shi take yi. Lambar da take barin abu yadda yake a ninkawa ita ce ɗaya. Saboda haka ninkawa daga ɗaya take farawa, kamar yadda tarawa take farawa daga sifili. Idan aka sake karanta 5³ da wannan ido, ma'anarsa ita ce: fara da ɗaya, ka ninka da biyar sau uku, wato 1 × 5 × 5 × 5. 5² shi ne 1 × 5 × 5, 5¹ shi ne 1 × 5, 5⁰ kuma shi ne ka fara da ɗaya, kada ka ninka da biyar ko sau ɗaya. Abin da ke hannunka shi ne ɗayan da ka fara da shi. Wannan karatun ya fi wanda aka saba ji daidai, domin masu cewa 5³ shi ne "a ninka biyar da kanta sau uku" idan suka ƙirga alamomin sau da ke cikin 5 × 5 × 5 za su tarar biyu ne, ba uku ba; sai an sa ɗayan a gaba sannan ƙirgar take cika.

Amfanin wannan yana fitowa sarai idan ƙarfi yana ƙirga lokaci. A ƙaddara, don misali kawai, buhun shinkafa yana kan sidi 500 a bana, kuma farashinsa yana ƙaruwa da kashi 10 cikin ɗari kowace shekara. Ƙarin kashi 10 cikin ɗari yana nufin ninkawa da 1.1, don haka bayan shekara ɗaya farashin 500 × 1.1¹ ne, sidi 550. Bayan biyu 500 × 1.1², sidi 605. Bayan uku 500 × 1.1³, sidi 665 da fesuwa 50. Ƙa'idar gaba ɗaya ita ce 500 × 1.1ⁿ, inda n take tsaye a madadin yawan shekaru. Idan aka tambayi wannan ƙa'ida farashin yau, lokacin da ko shekara ɗaya ba ta wuce ba, n sifili ce, kuma amsar da muka riga muka sani ita ce sidi 500. Hakan ba zai fito ba sai idan 1.1⁰ ɗaya ne. Da sifili ne, da ƙa'idar ta ce yau shinkafa kyauta ce. Misalin ya kuma nuna cewa dokar ba ta tsaya ga cikakkun lambobi ba, tana aiki a kan 1.1, da rabi, da kowace lamba mai ɗigo.

Haka nan rubutun lambobinmu na yau da kullum ya dogara da ita. Lambar 4,735 tana nufin 4 × 10³ da 7 × 10² da 3 × 10¹ da 5 × 10⁰, kuma gidan ƙarshe, gidan ɗaiɗai, ba shi da wani ƙarfi da zai dace da shi sai sifili. Ba sabon tunani ba ne kuma. A ƙarni na 12 masanin lissafi Samau'al al-Magribi, a littafinsa Al-Bahir, ya zana jadawali wanda ya sa ɗaya a tsakiya a matsayi na sifili, ƙarfi masu hawa a gefe guda, masu sauka a ɗaya gefen. Bafaranshe Nicolas Chuquet ya yi amfani da ƙarfin sifili a rubutunsa na 1484, tun kafin René Descartes ya yaɗa salon ɗora ƙaramar lamba a sama a 1637.

Wanda yake da kalkuleta a hannu, ko ta cikin waya, zai iya ganin abin ta wata fuskar. Maɓallin √ yana neman lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da abin da ke kan fuskar na'urar, kuma duk dannawa ɗaya tana raba ƙarfi gida biyu: daga 1 zuwa rabi, zuwa kwata, zuwa ɗaya bisa takwas, ana ta kusantar sifili. A rubuta 100 a yi ta ɗaukar √ na amsar da ta fito: za a ga 10, sai 3.162, sai 1.778, sai 1.334, sai 1.155, sai 1.075. A sake farawa da lambar da ba ta kai ɗaya ba, kamar 0.25: za a ga 0.5, sai 0.707, sai 0.841, sai 0.917, sai 0.958. Babbar lamba tana saukowa, ƙarama tana hawa, kuma dukansu ɗaya suka nufa. Yayin da ƙarfi yake matsowa kusa da sifili, amsa tana matsowa kusa da ɗaya, babu tsalle ko kaɗan.

Ya dace a faɗi wani abu a fili, domin wasu littattafai suna gabatar da rabawar 5³ da 5³ a matsayin tabbatacciyar hujja, kamar an gano wani abu da yake ɓoye. Abin da ya fi daidai shi ne a ce a⁰ = 1 ma'ana ce da aka ba wa alamar, amma ma'ana ce da aka tilasta, domin ita kaɗai ce ba ta rushe sauran dokoki. Bambancin ba na wasa da kalmomi ba ne, yana taimaka wa ɗalibi idan ya iso ga ƙarfi mai alamar ɗebewa ko ƙarfin rabi, inda zancen jera lambobi ya daina aiki gaba ɗaya, kuma hanyar gane su ita ce wannan tambayar dai: wace ƙima ce za ta bar dokoki a tsaye?

Sharaɗin da aka maƙala wa dokar, cewa kada tushe ya zama sifili, ya fito ne daga hanyar da muka bi. Mun sauko tsani ta hanyar rabawa da tushe, mun kuma raba a³ da a³. Idan tushen a sifili ne, 0³ sifili ne, sai lissafin ya zama 0 ÷ 0, wanda ba shi da amsa guda. Rabawa tambaya ce: 12 ÷ 3 yana tambayar wace lamba za a ninka da uku a sami sha biyu, amsa huɗu ce ita kaɗai. 0 ÷ 0 yana tambayar wace lamba za a ninka da sifili a sami sifili, kuma ɗaya ta yi, bakwai ta yi, dubu ma ta yi. Gwajin da ya tilasta mana ɗaya a baya ya rasa haƙoransa a nan. Gwajin kalkuleta ma ya rabu gida biyu: ka rubuta sifili ka yi ta danna √, sifili za ka yi ta gani, wanda yake ja zuwa amsar sifili, amma 0.1⁰ da 0.01⁰ da 0.001⁰ duk ɗaya ne, wanda yake ja zuwa amsar ɗaya.

Wannan ba ya nufin 0⁰ haramun ne a ko'ina. A aljabara da ilimin ƙirga, masana da dama suna ɗaukar sa a matsayin ɗaya, domin karatun "fara da ɗaya, kada ka ninka da komai" bai buƙaci rabawa ba, kuma ƙa'idoji da yawa sun fi tsafta da haka. Masanin lissafi da kwamfuta Donald Knuth ya kare wannan ra'ayi a 1992. A fannin kalkulas kuwa, tun daga Augustin-Louis Cauchy a 1821, ana lissafa shi cikin siffofin da ba a yanke musu ƙima ba sai an duba ta inda aka tunkaro su. Na'urori ma sun bi wannan rabuwa: kalkuletar Casio irin wadda ɗalibai suke shiga jarrabawa da ita tana nuna Math ERROR, manhajar Excel tana nuna #NUM!, yaren kwamfuta na Python kuma idan aka rubuta masa 0**0 yana ba da 1. Ga ɗalibin sakandare, abin da zai riƙe shi ne dokar da aka koya masa ba ta ɗauki nauyin 0⁰ ba.

Inda aka fi asarar maki a jarrabawa ba a kan 0⁰ ba ne, a kan gane abin da ƙarfin ya hau ne. Ƙarfi yana hawa ne a kan abin da yake manne da shi kawai, sai idan an sa baka. A cikin (−3)⁰, bakan ya haɗa alamar ɗebewa da ukun sun zama tushe ɗaya, amsa 1, kuma tsanin ya tabbatar: −27, 9, −3, sannan −3 a raba da −3, ɗaya. A cikin −3⁰ kuwa, babu baka, ƙarfin ya hau kan uku kaɗai, ya mai da shi ɗaya, alamar ɗebewa tana waje tana jira, amsa −1. Mai gwada wannan a kwamfuta ya yi hattara, domin Excel yana ɗaure alamar ɗebewa da lambar kafin ya duba ƙarfi, sai =-3^0 ya ba shi 1, alhali Python da littafin makaranta suna ba da −1. Haka 2x⁰ yake nufin biyu sau x⁰, amsa 2, amma (2x)⁰ amsarsa 1.

A gwada wannan a kan tambaya irin ta jarrabawa: a sauƙaƙa (2³ × 2⁴) ÷ 2⁷ + 3x⁰ − (3x)⁰, inda x ba sifili ba ce. A ɓangaren farko, a tara uku da huɗu, bakwai, a ɗebe bakwai, sifili, 2⁰ ke nan, wato 1. Mai shakka ya duba da lambobi, 8 × 16 ya ba da 128, 2⁷ ma 128 ne. Ɓangare na biyu 3 × 1 ne, wato 3. Na uku, bakan ya kwashe komai, 1 ne. Jimilla 1 + 3 − 1, amsa 3. Amsar kuskure tana tona asirin inda aka ɓata: wanda ya sami 1 wataƙila ya ɗauki 3x⁰ a matsayin ɗaya, wanda ya sami 2 ya mai da 2⁰ sifili bayan sokewa, wanda ya sami sifili kuma ya mai da duk ƙarfin sifili sifili.

Idan tushen harafi ne ko haɗin haruffa, sai a tambayi a ina zai iya zama sifili kafin a rubuta ɗaya. (x − 2)⁰ ɗaya ne ga kowace ƙimar x, ban da x = 2, domin a nan abin da ke cikin bakan ya koma sifili. Ta wannan hanya kuma ake warware tambaya kamar 7ˣ⁻⁴ = 1: tunda 7⁰ ne kaɗai ƙarfin bakwai da yake ba da ɗaya, sai a daidaita x − 4 da sifili, x ta zama 4. Wannan dabara ba ta aiki idan tushen 1 ne, domin kowane ƙarfinsa ɗaya yake bayarwa, haka kuma idan tushen −1 ne, wanda yake ba da ɗaya a ƙarfi 2 da 4 da 6 kamar yadda yake bayarwa a ƙarfin sifili.